Ma'anar odds ratio 2.5 a cin jarrabawa

Tambaya: "Na yi logistic regression kan cin jarrabawa, odds ratio na zuwa darasin bita ya fito 2.5. Yiwuwar ci ta ninka sau 2.5 ke nan?"

A'a, ɗan'uwa, odds ne ya ninka, wato masu ci a raba da masu faɗuwa, idan sauran abubuwan da ka saka ba su canza ba. Misali, cikin ɗalibai 100 marasa zuwa bita, 60 sun ci, 40 sun faɗi: odds 1.5. Ninka shi da 2.5, ka samu 3.75. Don ka mayar da shi yiwuwar ci, sai ka raba 3.75 da 4.75, wato odds ɗin da aka ƙara wa 1, ya ba ka kashi 79 cikin ɗari. Ka ga daga 60 zuwa 79 ne kawai. Sai abin da ake aunawa ba ya yawan faruwa ninkin odds da ninkin yiwuwa ke kusantar juna, cin jarrabawa kuwa ba haka yake ba.