Asibiti ya caje ku kuɗin aikin da bai yi ba: yadda ake rubuta takardar ƙorafi a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston. Mahaifiyata ta zo daga Kano wajen haihuwar matata, ciwon ciki ya kama ta, aka kwantar da ita ranar Litinin da dare, aka sallame ta ranar Alhamis da rana. Ba ta da inshora. Bil ya zo da kuɗin ɗaki na kwana 4, hoton ciki na CT sau 2 alhali sau 1 aka yi, da gashi da motsa jiki wanda ba wanda ya zo ya yi mata. Ni na yi jinyarta. Yaya zan rubuta musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya abin da aka samu.

Malam, kada ka fara da wasiƙa, kuma kada ka biya waɗannan layukan tukuna. Ma'aikacin ofishin kuɗi na asibiti bai ga Hajiya ba, bai shiga ɗakinta ba, lambobi kawai yake gani a kwamfuta. In ka rubuta masa cewa kai ka kwana a wurin, ka ga ba a yi ba, amsar da za ta dawo maka ita ce sun duba sun ga lissafinsu daidai ne. Abin da ke sa a goge layi daga bil shi ne ka nuna musu cewa fayil ɗin jinya da ma'aikatansu suka rubuta da hannunsu ya saɓa wa bil ɗin. Saboda haka takardu biyu za ka fara nema.

Ta farko ita ce cikakken bil mai layi-layi, wanda suke kira `itemized bill`. Wanda ake fara aikowa gida yawanci dunƙulalle ne: magani kaza, gwaji kaza. Ka ce kana son mai kwanan wata, da lambar kowane aiki, da adadinsa. A Texas, tun ranar 1 ga Satumba 2023 doka ta wajabta wa asibiti bayar da irin wannan bil, kuma ta hana shi bin mutum bashi kafin ya bayar. Ta biyu ita ce fayil ɗin jinya. Dokar tarayya ta `HIPAA` ta ba mara lafiya ikon karɓar kwafinsa cikin kwana 30, za su iya ƙara wasu kwana 30 sau ɗaya in sun sanar a rubuce. Kada ka yarda a ba ka taƙaitaccen bayanin sallama kaɗai. Ka ambaci abubuwan da kake so: umarnin likitoci, har da waɗanda aka soke, rahoton sashen hoto, rubutun nas-nas, rubutun sashen gashi, takardar bayar da magani mai suna `MAR`, da lokacin kwantarwa da na sallama.

Akwai inda 'yan'uwanmu ke yawan cin tuntuɓe. Hajiya baliga ce, fayil ɗin nata ne, kuma asibiti na iya ƙin yi maka magana a kan asusunta ko da kai ne ɗanta na cikinta. Sai ta sa hannu a fom ɗin izini na asibitin, da sunanka a ciki. Ka kuma duba takardun da ka sa wa hannu a daren da kuka je cikin ruɗani. In akwai inda ka sa hannu a gurbin `guarantor`, to ka tsaya mata, kuma kai za a bi bashin. In ba ka sa ba, kada ka rubuta a wasiƙarka wata kalma da za ta nuna ka ɗauki bashin a wuyanka.

In takardun sun iso, ka zauna da biro ka bi su layi-layi.

Kuɗin ɗaki ya fi sauƙin kamawa. Asibitocin Amurka suna ƙirga kwana ne da wanda ke kan gado da ƙarfe 12 na dare, ranar sallama ba ta shiga lissafi. Litinin da dare, Talata da dare, Laraba da dare: kwana 3 ke nan. Ka nemi layin da lambarsa ta fara da `011` ko `012`, shi ne na ɗaki, ka duba adadin da ke gabansa, sannan ka haɗa da shafin da ya nuna awar da aka sallame ta ranar Alhamis.

Hoton CT kuwa yana son natsuwa, domin ba duk layi biyu ne kuskure ba. Sau da yawa asibiti yana cajin kuɗin na'ura da ma'aikata, likitan da ya karanta hoton kuma ya aiko da nasa bil daban, galibi da alamar `26` a ƙarshen lambar. Wannan halas ne, hoto ɗaya ne kuɗi biyu. Abin da za ka nema shi ne lamba biyu a cikin bil ɗin asibitin kansa. `74176` hoton ciki da mara ne ba tare da allurar ruwan haska hoto ba, `74177` kuma tare da ita. Abin da kan faru shi ne likitan sashen gaggawa ya rubuta na farko, wani likita ya canza zuwa na biyu, a yi na biyun, amma cajin na farkon ya maƙale a kwamfuta ba a cire shi ba. Hujjarka a nan tana da ƙarfi: duk hoton da aka ɗauka sai an rubuta masa rahoto mai lokaci da sa hannun likita. In rahoto ɗaya ne a fayil, ga kuma umarni ɗaya da aka rubuta an soke, magana ta ƙare.

Gashi da motsa jiki yana zuwa ƙarƙashin lambar sashe `0420` ko makusanciyarta, kuma aiki irin `97110` ana cajinsa ne da minti 15-15. Ma'aikacin da ya yi dole ya rubuta ranar da mintocin da ya ɗauka. Wani lokaci za ka tarar ya rubuta cewa ya zo ya samu mara lafiya tana barci, ko an tafi da ita gwaji, ya koma. Wannan shafin zinariya ne, ka yi masa kwafi. In kuma ka ga an rubuta an yi, alhali kana ɗakin ba a yi ba, to ka faɗi haka ƙarara, ka kawo rana da awa, ka nemi su tambayi ma'aikacin. Tun da `MAR` na hannunka, ka duba magunguna ma: wanda nas ta rubuta ba a bayar ba, ko Hajiya ta ƙi sha, bai kamata ya fito a matsayin an bayar ba.

Yanzu sai wasiƙar. Da Turanci za a rubuta ta, shafi ɗaya ya isa, da sunan Hajiya da sa hannunta, ko da naka haɗe da kwafin fom ɗin izini. A sama ka sa sunanta kamar yadda yake a bil, ranar haihuwa, lambar asusu, da ranakun jinya. Jimlar farko ta ce ana ƙalubalantar layuka uku domin ba a yi ayyukan ba. Sannan kowane layi shi kaɗai. A ce kuɗin ɗaki dala 2,400 ne a kwana, hoton dala 3,100, gashi kuma kashi 4 a kan dala 150 kowanne, ga yadda ma'anar za ta kasance:

“Na ɗaya: kuɗin ɗaki, an caji kwana 4. Fayil ya nuna kwantarwa Litinin da dare, sallama Alhamis da rana, kwana 3. A cire dala 2,400. Na biyu: `74176`, ranar Litinin, dala 3,100. An soke umarnin, babu rahotonsa a fayil. A cire. Na uku: `97110`, kashi 4, ranar Laraba, dala 600. Babu rubutun da ya nuna an yi. A cire. Jimilla dala 6,100.”

Ka rufe da buƙatu huɗu: a binciki bil ɗin a gwada shi da fayil, a aiko da gyararre, a dakatar da asusun kada a miƙa shi ga masu karɓar bashi har a gama, a kuma amsa a rubuce cikin kwana 30. Ka ƙara da cewa duk layin da suka dage a kansa su aiko da shafin da ya tabbatar da shi. Ina roƙonka ka bar zancen zamba ko cuta daga ciki, ko da ranka ya ɓaci, kuma ya cancanci ya ɓaci. Kada ka cusa ƙorafin abinci ko na jinkirin nas. Wasiƙar da ta taɓa abu goma, sai a amsa mafi rauninsu a yi shiru da sauran.

Ka aika ta gidan waya da `Certified Mail` haɗe da `Return Receipt`, wato wasiƙa mai rajista da takardar shaidar an karɓa, zuwa ofishin kuɗi na marasa lafiya, kwafi kuma ga ofishin da ke sauraron koken marasa lafiya. Kwafi kawai za ka saka a ambulan, asalin takardu su zauna a wurinka. In ka buga waya, rubuta sunan wanda ya ɗauka da rana da lambar kiran.

Ka sani wasiƙarka ba ta tilasta musu dakatar da bin kuɗi, shi ya sa ake neman alkawarin a rubuce. In asibitin na sa-kai ne, wanda ba na neman riba ba, dokar haraji ta hana shi ɗaukar tsauraran matakai irin su kai ƙara kafin kwana 120 daga bil na farko bayan sallama, kuma dole yana da tsarin rangwame. Ka karɓi fom ɗin ka karanta sharuɗɗansa, don wasu suna taƙaita shi ga mazauna yankin. In takarda ta zo daga kamfanin karɓar bashi, kana da kwana 30 ka ƙalubalance ta a rubuce, kuma dole su tsaya har sai sun kawo tabbaci. In asibitin ya yi kunnen uwar shegu, hukumar lafiya ta jihar, `Texas Health and Human Services`, tana karɓar ƙorafi a kan asibitoci, haka ma sashen kare masu saye na ofishin Antoni Janar.

Ga masu karatu da ke da inshora, lissafin ya ɗan bambanta. Kamfanoni da yawa suna biyan kuɗin kwanciya a dunƙule bisa nau'in cuta, don haka cire layi ɗaya ba lallai ya rage kason da ke kanka ba. Duk da haka ka aika wa kamfanin kwafin wasiƙar. Ga Hajiya kuwa, da ba ta da inshora, kowane layi kuɗi ne daga aljihu, kuma tattaunawar neman ragi sai ta biyo bayan gyara, don a yi ragin a kan lissafin gaskiya.

Kafin Hajiya ta hau jirgin komawa Kano, ta sa hannu a fom ɗin izini da wasiƙar, a kuma mayar da adireshin asusun zuwa gidanka. Amsar asibiti takan ɗauki makonni, kuma neman sa hannunta daga Kano ranar da wa'adi ya rage kwana 3 wahala ce da za ka iya kauce mata tun wannan satin.