Waƙoƙin cin abincin daren cikar shekarun aure

Tambaya: Jama'a ni da maigida za mu cika shekara 22 da aure, ina so in haɗa mana abincin dare a gida mu biyu, wace irin waƙa mai taushi zan saka?

Amsa: Masha Allah Hajiya, Allah ya ƙara danƙon soyayya. Ni dai shawarata ki fara da waƙoƙin lokacin da yake zuwa zance gidanku, irin na finafinan Hausa ko na Indiya da ake ji a kaset wancan zamanin, su ne za su taɓa masa zuciya. Amma ki saurari kowace har ƙarshe tukuna, don da yawa kiɗan sanyi ne amma baitin rabuwa ne ko kishiya ko yaudara, kin ga ai ba daren su ba ne.

Ki haɗa kamar 12, in kowace minti 5 ce kin samu awa guda kenan, ki sauke su a waya tun da rana don kar talla ta katse muku ko data ta ƙare. Lokacin cin abinci sa mai kiɗa zalla, garaya ko sarewa, masu baiti sai an koma shan shayi. Sautin kuma in sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki to ya yi yawa, rage shi.