Yaro ya haras da maganin masassara

"Maigida, jiya wata mata ta dawo kemis ta ce ɗanta ya haras da atemita, maganin maleriyar da na ba shi, in sake ba shi ko a bari sai na gaba?"

Kai ka tambaye ta minti nawa tsakanin shan maganin da haraswar? Na san ba ka tambaya ba, yaran yanzu idonku na kan waya hannu na miƙa magani. In cikin awa 1 ne a sake mai cikakken abin da ya sha, in ya wuce awa 1 magani ya riga ya shiga jiki a jira lokacin na gaba. Amma zauna ka ji, don wanga abu shi ya ja min asarar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata damina, lokacin ina da shago wajen Mabera, na tafi kasuwa saro kaya na bar wani yaro irinka. Wani mutum ya kawo ɗansa, gwaji ya nuna maleriya ce, yaro na ci na sha ba wata alamar tsanani. Sai yaron shagona ya dube shi da ido kawai, uban ya ce shekara 3, ya ɗauko kati mai ƙwaya 6 ya miƙa, ga sikeli nan ƙarƙashin benci ƙura ta rufe shi. Ashe yaron kilo 17 gare shi. Atemita-lumefantirin magani biyu ne cikin ƙwaya ɗaya, da nauyi aka ba da ita, kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1 kowane sha, 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, daga 25 ƙwaya 3, daga 35 ƙwaya 4, sha 6 cikin kwana 3. Ka ga ke nan ƙwaya 12 ya kamace shi, anka ba shi rabi.

Sunka isa gida jiki ya yi rau, uwar ta ɗura mai da ruwa ciki ba komi, ko minti 10 ba a yi ba ya haras. Ta ɓallo wata ta ba shi, kuma wallahi daidai ta yi, sai dai ba wanda ya ce mata ta dawo ta karɓi madadin wadda ta zube. Lissafa da kanka, ƙwaya 5 cikin 12 ta shiga cikin yaron. Masassara ta sauka kwana na 2 don atemita saurin aiki gare ta, kowa ya ce an samu lafiya, alhali lumefantirin da ke zama cikin jini tana kashe ragowar ƙwayar cutar ba ta kai ko'ina ba. Ba a yi sati 2 ba sai ga yaro asibiti yana jijjiga, anka yi ta yi mai allurar atesunet har da ƙarin jini.

Allah ya tashi kafaɗun yaron, alhamdu lillahi. Amma uban bai zo gare ni ba, sai ya bi masallaci da majalisa yana cewa jabun magani nike sayarwa, ni da ban taɓa saro kayan da babu lambar rajista ba tun da anka bar kulorokwin anka koma wanga magani wajen 2005. Kuɗin asibiti ni na biya don kuskuren daga shagona ya fito ban musa ba, bashin maganin da ke kansa tun kafin nan bai biya ba har gobe, mata sunka daina aiko yara, damina guda ina zaune ina korar ƙuda har na tashi daga unguwar. Sunan jabun nan shi ya fi ci min rai, don maganina mai kyau ne.

To matar jiya ka aika a kira ta. Ɗora yaron kan sikeli tukuna ka ga ko katin da ka ba ta ma daidai ne. In jiki da zafi sosai a fara da farasitamol a shafa mai ruwa mai ɗumi-ɗumi, zafin ya ɗan faɗa, sannan a narka ƙwayar cikin ruwa kaɗan a ba shi sannu, a bi da nono ko kunun gyaɗa don lumefantirin sai da maiƙo take shiga jiki da kyau. Sha na farko gabanka za a yi su zauna bisa benci awa 1, na biyu bayan awa 8, sauran safe da dare. Duk ƙwayar da ta zube ka cika mata ko da za ka ɓalle sabon kati, ni zan ɗauki asarar.

In an sake ya kuma haraswa, ko komi ya sha sai ya dawo, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko jijjiga, kar ka sake ɓallo ƙwaya ta uku. Wannan ya wuce aikin kemis, ka tare musu keke su tafi asibiti lokacin nan, ka rubuta musu a takarda abin da ya sha da ƙarfe nawa.