Taƙaita Huɗubar Zakkar Hatsi Ga Wanda Bai Yi Boko Ba

"Maigida, liman ya ce in taƙaita huɗubarsa ta Juma'a a kan zakkar hatsi a ɗan bidiyo, a tura wa manoma a waya kafin a gama kaka. Na yanka, na sa rubutu a ƙasa, amma da na nuna wa kawuna sai ya ce ya ji wa'azi mai kyau, bai dai riƙe komai ba. Yawancin masu kallon ba su yi boko ba. Ta ina kuke ganin zan gyara?"

Ɗana, na kalli abin da ka haɗa, kuma yankan da ka yi ba shi da laifi, sai dai ka ɗora saƙon a kan rubutu, ka bar murya tana biye da shi a guje. Wanda ba ya karatu da kunne yake karɓar magana, idonsa kuwa wurin rataye abin da ya ji yake nema. Saboda haka ka fara haɗa sautin shi kaɗai, ka kife wayar ka saurara. In aka gane hukuncin ba tare da an ga komai ba, to sannan ne za ka nemi hoto.

Kafin ka taɓa CapCut, manhajar yankan bidiyo, ka koma wurin liman da takarda. Huɗubarsa ta kai minti 25, ya taɓo falalar zakka, da azabar mai hana ta, da mutane takwas ɗin da ake bai wa, da sauransu, amma bidiyon minti 3 ba ya ɗaukar fiye da magana uku. Ka tambaye shi cikin ladabi: "Allah ya gafarta malam, in manomi zai manta komai ya riƙe abu uku, waɗanne ne?" A wannan huɗubar na san inda zai tsaya. Sai hatsi ya kai nisabi zakka take wajaba, abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala da kuɗi kuma ɗaya cikin ashirin. Waɗanda ake bai wa zakkar ka bar su zuwa wani bidiyon. Ka roƙe shi kuma ya sake faɗin waɗannan jimloli uku a zaurensa, wayarka kusa da bakinsa, domin sautin da ka ɗauko daga lasifikar masallaci amsa-kuwwa ta cika shi, kuma ƙaramar wayar Itel ba za ta fitar da shi a ji ba.

Batun alama shi ne inda masu sana'armu suka fi faɗawa rami. Alamomin da ke cikin manhaja, irin su alamar daidai da ta kuskure da malamin firamare yake yi da jan biro, da alamar kashi cikin ɗari, da ɗan zanen gajimare mai ɗigo uku, duk a aji ake koyon su, kuma wanda bai zauna a aji ba ba shi da dalilin sanin ma'anarsu. Alamar da za ta yi maka aiki ita ce abin da mutumin yake taɓawa da hannunsa. Ka je gona ka ɗauki hoton damin gero guda ɗaya a jikin farin bango ko a kan farin buhu da aka shimfiɗa, ka cire bayan hoton, ka kwafe shi sau goma. Maimakon zanen gajimare ka sa ɗan guntun bidiyon ruwa yana sauka a kan gero, ga noman rani kuma ka ɗauki injin ban ruwa da tiyonsa yana tuttuɗo ruwa, har da ƙararsa ta daƙiƙa biyu, don manomin fadama ƙarar kaɗai ta ishe shi ya san inda aka dosa.

Ka lura na ce inji, ban ce kwatar ruwa ba. Mutanen Kura da Kadawa ruwan dam ɗin Tiga ne yake gangaro musu ta kwata, kuma ko wannan ya shiga ɗaya cikin goma ko ɗaya cikin ashirin magana ce ta malamai, wadda take duba irin wahalar da kuɗin da aka kashe. Ranar da ka sa hoton kwata a ƙarƙashin "ɗaya cikin ashirin" ka ba da fatawar da liman bai bayar ba. Haka batun nisabi yake. Nisabin hatsi wusiƙi 5 ne, kowane wusiƙi sa'i 60, jimla sa'i 300 ke nan. In ka nuna kwanon tiya na kasuwa yayin da ake cewa "sa'i", mai kallo zai tafi da cewa tiya 300 ake nufi, alhali ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne. Dami ma wani ya fi wani girma. A nan ba ka da alamar da za ka dogara da ita, sai fuskar liman da muryarsa yana faɗin abin da nisabin ya kama a buhun garinku, kuma kada kai ka yi wannan lissafin da kanka.

Alama ɗaya ma'ana ɗaya, daga farko har ƙarshe. In ruwan sama ya fito a kusurwar sama ta dama, can zai riƙa fitowa kullum, kuma in damin da aka ware ya samu koren zobe, kada koren zobe ya sake bayyana a kan wani abu dabam.

Yanzu ga yadda zan shimfiɗa sashen damina, wanda zan ba shi daƙiƙa 45. Ruwa yana sauka a kan gero na daƙiƙa 4, babu magana. Sai muryar liman ta shigo: "Abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma." Sai fuskar waya ta zama fili, dami ya fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne daƙiƙa ɗaya da rabi, murya tana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har goma, wato daƙiƙa 15 ke nan a kan ƙirge kawai. Ka jera su layi biyu, biyar-biyar, kana farawa daga dama, domin wanda ya yi makarantar allo daga dama idonsa yake tashi, biyar kuwa yatsun hannu ne, ana gane ta ba sai an ƙirga ba. Bayan na goma ka yi shiru na daƙiƙa 3. Sannan dami ɗaya ya janye gefe a hankali, tara su tsaya inda suke, murya ta ce: "Wannan ɗayan shi ne zakka. Abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma." Ka bar hoton a tsaye, kada ya motsa, har sashen ya ƙare.

Na san wannan shirun zai dame ka, hannunka zai yi ƙaiƙayin yanke shi, saboda bidiyon biki ya saba maka da sauya hoto kowace daƙiƙa biyu. Ka daure. A cikin wannan shirun ne mutum yake kai idonsa kan damin ya tabbatar goma ne, kuma in ka yanke shi, magana ta gaba za ta tarar da shi bai gama da ta baya ba. Haka kuma kada ka rage gudun murya da manhaja don ka samu jinkiri, domin tana jan murya ta zama kamar ta mai gyangyaɗi. Jinkirin a tsakanin jimloli ake sa shi. Babu kiɗa a ƙasa, babu juye-juyen hoto tsakanin sashe da sashe.

Sashen rani tsarinsa ɗaya da na damina, inji ne kawai ya maye gurbin ruwan sama, buhun shinkafa ya maye gurbin dami. Sai dai ba za ka ƙirga ashirin ɗaya-ɗaya ba, don zai cinye daƙiƙa 30 kuma hankali zai gudu. Ka shigo da layi huɗu, murya tana cewa biyar, goma, sha biyar, ashirin. Mai kallo zai ga da idonsa cewa layukan sun ninka na ɗazu amma abin da aka ware guda ɗaya ne.

Maimaici kuwa yana da sharaɗi: lafazin ba ya canzawa. Marubuci yana jin kunyar maimaita kalma, sai ya ce "ɗaya cikin goma" a nan, "ushiri" a can, "kashi goma cikin ɗari" a gaba, kuma ga mai saurare waɗannan hukunci uku ne, har ma "kashi goma" zai iya sa wani ya ɗauka dami goma zai fitar. Ka zaɓi lafazi ɗaya, na liman, ka faɗe shi sau uku: kafin ƙirge, bayan ƙirge, da kuma a daƙiƙa 20 na ƙarshen bidiyon inda za a jero hukuncin uku da alamominsu. Yadda gardi yake biya wa ƙolo allo ke nan, ba ya sauya masa harafi don gudun gundura. Akwai kuma dalilin da ya sa na cusa "in ya kai nisabi" a cikin kowane sashe. Mutane za su yanki bidiyon su ɗora a WhatsApp, wani ya tura wa wani rabi ta Xender, kuma guntun da ya yi yawo babu sharaɗin nisabi zai sa talaka mai dami goma kacal ya ɗauka zakka ta hau kansa.

Rubutu ɗaya kawai zan yarda ka bari, shi ne ayar Suratul An'am da liman ya karanta, wadda ta yi umarni da ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Da yawa daga cikin waɗanda ba su yi boko ba sun yi allo, za su gane ta. Kada ka buga ta da hannu, domin wasu manhajojin suna wargaza haruffan Larabci su juya su. Ka ɗauki hoton layin daga Alƙur'ani bugun Warshu, irin wanda idonsu ya saba da shi, kuma ka bar karatun ya kai inda liman ya tsaya kafin ka yanke.

In ka gama, ka fitar da shi a 480p, ka nemi nauyinsa ya tsaya wajen megabait 15 zuwa 20, ka zuba shi a ƙaramar waya ka fita tsakar rana ka gani ko ana bambance dami da buhu. Daga nan ka koma wurin kawunka. Kada ka tambaye shi ko ya gane, zai ce ya gane don kada ya kunyata ka. Ka ba shi lissafin da babu shi a bidiyon: "Kawu, mutum ya samu dami 100 na gero a damina, nawa zai fitar? Wani kuma ya samu buhu 40 na shinkafa da inji, shi fa?" Amsa ita ce 10 da 2. In ya ce ɗaya a duka biyun, hoton ya koya masa cewa zakka guda ɗaya ce ko nawa aka samu, sai ka ƙara jimlar "a kowane goma, ɗaya" ka nuna goma ta biyu ita ma ana ware mata nata. In ya juya su, ya ba damina ashirin, to alamun ruwa da inji ba su daɗe a fuskar waya ba, ka bar su a kusurwa har ƙarshen sashensu. Ka gwada da mace ɗaya a cikin gida da tsoho ɗaya a majalisa, sannan ka kai wa liman ya kalla daga farko zuwa ƙarshe kafin ka tura wa kowa.