Naƙuda ce ko ciki ne ke gwaji?

"Gwaggo, na shiga wata tara, kuma cikin fari ne. Da dare cikina yakan ƙulle ya yi tauri, can kuma ya sake. An ce mini a al'ada mai cikin fari ba ta faɗin naƙuda sai ta kankama. To yaya zan gane ta gaskiya, kuma yaushe zan yi magana?"

'Yata, Allah Ya sauke ki lafiya. Kunyar ɗan fari gadonmu ce, amma wurinta gaban surukai da baƙi. Dalilin da ya sa ake kawo yarinya goyon ciki gidan iyayenta shi ne ta sami wadda za ta gaya wa abin da take ji ba tare da nauyin baki ba. Saboda haka ki zaɓi mace ɗaya a gidan, innarki ko yayarki, duk abin da kika ji ki sanar da ita a lokacin.

Wannan ƙullewar ta dare yawanci mahaifa ce ke gwaji. Ciki ya yi tauri ta gaba, ya ɗan jima, ya sake, ba shi da tsari: yanzu bayan minti goma, an jima bayan rabin awa, sannan shiru. Gajiya da ƙishirwa da riƙe fitsari suna tayar da shi. Idan ya zo ki yi fitsari, ki sha ruwa kofi biyu, ki kwanta ta gefen hagu. In kwance kike ya same ki, tashi ki zaga tsakar gida. Na gwaji yakan lafa cikin awa guda, kuma ba ya buɗe bakin mahaifa.

Naƙudar gaskiya ba ta jin wannan lallashi. Galibi daga gadon baya take tasowa, ta zagayo ƙugu ta sauko mara, ko kin kwanta ko kin tashi tana nan. Abin da zai raba miki gardama agogo ne. Ki duba lokacin da ciwo ya fara, ki ƙirga zuwa lokacin da na biye ya fara, ba daga inda na farko ya ƙare ba. A ce ya zo ƙarfe 9:00, sai 9:15, sai 9:29, kowanne kamar daƙiƙa talatin. Zuwa tsakar dare ya koma duk minti bakwai, ya fi tsawo, har ba ki iya ƙarasa magana in ya taso. Tazara na raguwa, ciwo na ƙara tsawo da ƙarfi, to naƙuda ce. Ga mai cikin fari, in ya kai duk minti biyar, kowanne yana ɗaukar kusan minti ɗaya, ya kuma ɗore haka awa guda, a kama hanyar asibiti. In asibitin da nisa ko mota na wuya da dare, a tafi tun kafin nan.

Za ki iya ganin wani ruwa mai yauƙi kamar majina, da ɗan jirwayen jini, wanda mata ke kira zaƙi. Toshiyar bakin mahaifa ce ta fito, ba shan sukari ya kawo ta ba, kuma ba ta tare wa ɗa hanya, don haka ba ki buƙatar jiƙe-jiƙen wanke ta. Tana iya fita kwanaki kafin haihuwa. Haka saukar ciki, inda numfashi ke sauƙi fitsari ya yawaita, a cikin fari yakan riga naƙuda da makonni.

Fashewar faya kuwa ba a jira da ita. Wani lokaci ruwan ya kwararo, wani lokaci ya riƙa tsiyaya ba ki iya riƙe shi yadda ake riƙe fitsari. Ki sa tsumma mai tsabta ki duba launinsa, ki riƙe lokacin da ya fara. Ko babu ciwo a tafi asibiti, domin da zarar ta fashe ƙwayoyin cuta sun sami hanyar shiga. In ruwan kore ne ko ruwan ƙasa, ɗan ya yi kashi a ciki, yana iya zama ya galabaita, a gaggauta. Haka in jini ya zuba kamar na al'ada, ko motsin ɗa ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da gani dishi-dishi, wanda kan riga jijjiga. Ciwo mai tsari kafin mako 37 shi ma na gaggawa ne.

Abin da na fi jiye miki shi ne a sa ki durƙusa kina yunƙuri da wuri. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita goma ɗa ke wucewa, kuma ma'aikaciyar da ta duba ce kaɗai za ta tabbatar. Yunƙuri kafin nan yana iya kumbura shi, ya ƙarar miki da ƙarfi. Kada ki yarda a yi miki allurar ƙarin naƙuda a gida, tana iya fasa mahaifa. Naƙudar da aka ɓoye ta kwana ta yini kan ɗa na danne mafitsara, ita ke jawo yoyon fitsari. Ki haɗa jakarki da katin awo yau, a kuma yi magana da mai motar da za a kira ko da tsakar dare ne.