Na ba su Lasota kuma suka mutu: amsoshin wasiƙu kan rigakafin kaji da awaki

Daga wani mai kiwo a Funtuwa: "Malam, kajin nama 500 gare ni, sati uku da haihuwa. Na ji cutar fakat ta shiga gonar maƙwabcina, sai na yi maza na zuba musu Lasota a ruwan famfo tun da safe, suka yini suna sha. Bayan kwana biyar suka fara kashi kore, wuya na murɗewa, sun fi 100 da suka mutu. Anya ba rigakafin ne ya sa musu cutar ba?"

Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Ba Lasota ce ta kashe maka kaji ba. Ka makara, sannan ka kashe rigakafin da hannunka kafin ya shiga cikinsu.

Abin da ke cikin ƙaramar kwalbar nan ƙwayar fakat ce mai rai, amma irin da ba ta da kaifi. An samo ta a 1946 a wata gonar kaji a Amurka, daga sunan mai gonar ma ta samo sunanta. A waje ba ta da maraba da ƙwayar da ke kisa: riga ɗaya, alamomi ɗaya, kamar shanun gida ɗaya masu tsagar kunne iri ɗaya. Bambancin yana wurin da kowace ke iya hayayyafa. Mai kisa tana ratsa jini har ƙwaƙwalwa, shi ya sa kake ganin wuya ya murɗe. Lasota kuwa iyakarta hanci, maƙogwaro da hanji. A can take ɗan hayayyafa na 'yan kwanaki, ba ta iya wucewa.

Wannan ɗan hayayyafar shi ne duka aikin. Akwai fararen ƙwayoyin jini masu sintiri da ke haɗiye baƙuwar ƙwaya, su yayyaga ta, su kai gutsattsarin rigarta wurin wasu fararen ƙwayoyin. Cikin miliyoyin da ke nan, ƙalilan ne ƙirarsu ta dace da wannan alamar. Su ne ke tashi su yi ta rabuwa har su zama runduna. Wasu su fara zubo wani sinadari da likitoci ke kira antibodi, wanda ke manne wa rigar ƙwayar ya hana ta shiga nama. Wasu su bi duk inda ta riga ta shiga su lalata wurin. Idan an gama, yawancin rundunar ta watse, amma ragowa na nan da suka riƙe kamannin. Ranar da mai kisa ta zo, ba sai an fara neman wanda ya san ta ba.

Amma tara runduna yana cin lokaci. Antibodi ba ya fara bayyana a jini sai kamar bayan mako guda, kuma ba ya kai ƙarfinsa sai mako biyu zuwa uku. Ita kuwa fakat, daga shigarta jiki zuwa fitowar alamu, kwana biyar ko shida ne galibi. Yi lissafi da kanka. Kajin da suka fara faɗuwa a rana ta biyar, ko dai sun riga sun kwashi cutar ranar da ka ba su ruwan, ko sun kwashe ta a daidai lokacin. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: kowa ya san iskar hunturu na zuwa da fakat, amma shekara da shekaru wasiƙa iri ɗaya ke zuwa, sai an ji mutuwa a maƙwabta ake tunawa da kwalba.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kulorin da ke cikin ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta aka zuba shi, kuma bai san wannan ƙwayar taka ce ka saya da kuɗi ba. Rana ma tana kashe ta, zafi yana kashe ta, ragowar sabulu ko maganin wanke mashaya yana kashe ta. Ƙwayar da ta mutu a cikin bokiti ba za ta hayayyafa ba, kuma ɗan abin da ke cikin kason kaza ɗaya bai isa ya tayar da jiki ba idan bai hayayyafa ba. Kazar ta sha ruwa kawai.

Ga yadda ya kamata a yi wa kaji 500 masu kwana 21. Kwalbar ta zo daga firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, a cikin kula da ƙanƙara, ba a aljihun riga a kan babur ba. Ka wanke mashaya da ruwa zalla. Ka ɗauke musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu da sassafe don su ji ƙishi. Idan ana zafi, awa ɗaya ta isa. Ka ɗebi ruwan rijiya ko burtsatse mai sanyi kamar lita 10, a mazubin roba. Ka dama garin madara marar maiƙo giram 2 a kowace lita, wato giram 20, ka bar shi minti 15 zuwa 20, domin madarar na kare ƙwayar. Sannan ka buɗe kwalba mai kaso 500 a cikin ruwan, ka ɗauraye ta, ka juya. Ka ƙara yawan mashaya yadda kusan duka za su sa baki lokaci guda, ka zaga ka tayar da na kwance. Ruwan ya ƙare cikin awa biyu. Idan ya ƙare cikin minti 20, ƙarfafa ne suka shanye, raunana ba su samu ba. Idan ya kai azahar, rabinsa gawa ce.

Kuma kada ka raba kwalbar 500 ga kaji 800 don tsimi, ko ka ajiye ragowar wanda aka dama sai gobe.

Bayan kwana uku zuwa biyar za ka iya jin ɗan atishawa da dare. Wannan ba abin tsoro ba ne, alama ce ƙwayar ta kama, kuma yana wucewa. Idan ya zarce ya zama kakari mai nauyi, to akwai wani ciwon numfashi a ƙasa, ko ƙura da warin kashi sun yi yawa a ɗakin.

Yanzu dai ka ware marasa lafiya, ka binne matattu da zurfi ko ka ƙone su, ka hana shiga da fita, ka kira likitan dabbobi ya buɗe gawa biyu ko uku ya tabbatar. Kada ka kai ragowar kasuwa.

Wata Hajiya daga Zariya: "Kajina sun kamu da cutar Gumboro suna da wata ɗaya. Sun warke, amma tun daga nan duk rigakafin da na ba su kamar ban ba su ba."

Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne, kuma ga dalilinsa. A bayan kaza, sama kaɗan da mafitar kashi, akwai wata 'yar jaka kamar gujiya. A cikinta ne ƙwayoyin da ke yin antibodi suke nuna. Ƙwayar Gumboro wannan jakar take ci. Idan ta ci ta tun tsako yana ƙarami, sai ki sami kaza mai ci da sha amma ƙwayoyin da ke yin antibodi sun yi ƙaranci a jikinta. Ki ba ta Lasota mafi kyau, amsar za ta zo da rauni.

Wahalar rigakafin Gumboro kuwa tana wajen lokaci. Tsako yana fitowa daga ƙwai da antibodin uwarsa da ya samu ta gwaiduwa. Aro ne, ba nasa ba: yana raguwa da rabi duk 'yan kwanaki, zuwa mako uku ko huɗu ya kusan ƙarewa, kuma ba ya barin tunawa a jiki. Idan kika ba da rigakafi tun aron yana da yawa, antibodin uwa zai kama ƙwayar rigakafin ya kashe ta kafin jikin tsakon ya gan ta. Idan kika jinkirta, aron ya ƙare, cuta ta riga ki. Tsakin ɗaki ɗaya ma ba su da aro daidai wa daida. Shi ya sa ake bayarwa sau biyu, galibi wajen kwana 10 zuwa 14, a maimaita bayan mako guda zuwa kwana goma, don wanda na farko ya kuskure na biyu ya same shi. Ki tambayi inda kike sayen tsaki jadawalinsu, su ne suka san abin da aka yi wa iyayen.

Waɗannan da ke hannunki, ki nemi likita ya ɗebi jinin kaza 20 a auna ƙarfin garkuwarsu ga fakat. Da sakamakon za a san ko a matso da lokacin maimaitawa.

Daga Maraɗi: "In haɗa antibayotik a ruwan rigakafi don ya ƙara ƙarfi?"

A'a. Antibayotik ba ya taɓa bairas, wato irin ƙwayar da ke kawo fakat da Gumboro, ba ya ƙara wa rigakafi komai, kuma yana iya sauya ruwan ya lalata ƙwayar. Kuɗinka kawai kake zubarwa.

Daga Gombe: "Na yi wa kaji rigakafin ƙuraje a fiffike, yanzu wurin ya kumbura ya yi ɓawo."

Haka ake so. Ƙwayar ce ta hayayyafa a wurin da ka soka. Ka duba fiffiken kaza 50 bayan kwana 7 zuwa 10; idan da yawa ba su da wannan ɓawon, su ne abin damuwa, a sake musu.

Daga Azare: "Me ya sa akuya allura ɗaya ta ishe ta shekaru, kaza kuwa kullum sai an maimaita? Wanda ake yi wa masu ƙwai da allura kuma, an ce mini ƙwayar matacciya ce. Matacce zai koyar da me?"

Rigakafin ciwon mura da zawo na awaki da tumaki ƙwaya ce mai rai da aka samo daga wata akuya a Najeriya a 1975, aka yi ta renonta a ɗakin gwaji zubi bayan zubi har ta rasa kaifinta. Mililita ɗaya a ƙarƙashin fata, ga ɗan akuyar da ya kai wata uku zuwa huɗu, tana yaɗuwa a jiki kamar cutar gaske ba tare da ciwon ba, shi ya sa kariyar ke kai aƙalla shekara uku. Irin wannan dabarar ce ta kawar da cutar bushiya daga shanun duniya, aka sanar a 2011. Lasota kuwa a bakin ƙofa take tsayawa, hanci da hanji, kuma garkuwar wurin tana saurin sanyi. Don haka kajin gida, ko da irin mai jure zafi da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi wanda ake ɗigawa a ido, ana maimaita musu duk wata uku zuwa huɗu.

Matacciyar ƙwaya kuwa rigarta na nan, kuma rigar jiki ke karantawa. Tunda ba za ta hayayyafa ba, sai a zuba ta da yawa, a gauraya da wani mai da ke riƙe ta a wurin allurar yana sakinta kaɗan-kaɗan na makonni, yana kuma jawo fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Shi ya sa ba a ba da ita a ruwa, sai allura, galibi rabin mililita a wajen mako 16 zuwa 18 kafin su fara ƙwai. Ta fi aiki ga kazar da ta riga ta sha mai rai, domin a kan waccan tunawar take ɗorawa. Ita kuma daskarewa ke lalata ta: idan ka ga man ya rabu da ruwan kuma girgizawa ba ta haɗa su ba, kada ka yi amfani da kwalbar. Mai yin allurar ya kula da yatsansa. Idan ya soki kansa da wannan man, ya tafi asibiti a take, ya riƙe kwalbar ya nuna.