Hoton fuska a rasit ɗin kwastoma: me ya sa ya fito baƙi ƙirin?

"Salam Oga, barka da aiki. Mai shagon kayan masarufin nan na Sabon Gari yana so a sa hotonsa a saman rasit, na tura hoton zuwa ƙaramar firintarsa amma fuskar ta fito baƙi ƙirin, hula kawai ake ganewa. Na ga Pattern Dither da Diffusion Dither a Photoshop, wanne zan danna kuma meye bambancinsu?"

Wa alaikumus salam. Toh ita wannan firintar ta rasit ba ta da tawada, zafi take sa wa takarda, kowane ɗigo ko dai ta ƙona shi ya yi baƙi ko ta bar shi fari, babu tsakiya. Shi kuma hotonka kowane ɗigo nasa yana da lamba daga 0 wato baƙi zuwa 255 wato fari. Abin da ya faru da kai shi ne an yanka a 128, duk abin da bai kai ba ya zama baƙi, kuma fatarmu a hoto galibi ƙasa da 128 take faɗawa, shi ya sa goshi da kumatu da gemu duk suka haɗe, hular ce kawai ta tsira don tana da haske. Dabarar, wadda ake kira Dither, ita ce a yaudari ido, a gauraya ɗigo baƙi da fari ƙanana yadda daga nesa kaɗan ido zai ga toka-toka.

Pattern ɗin nan shi ne mai sauƙi. Maimakon lamba ɗaya ta yanka, sai a yi ɗan tebur na lambobi a dinga maimaita shi a kan hoton gaba ɗaya. Wanda aka fi sani Bryce Bayer na kamfanin Kodak ne ya fito da shi a 1973. Ɗauki mafi ƙanƙanta mai gida huɗu, lambobin yankan sun kama kusan haka:

```
 32  159
223   96
```

Ka ce kumatun mutumin 100 ne. 100 ya fi 32 ya fi 96, waɗannan biyun fari, bai kai 159 da 223 ba, waɗannan baƙi, sai ka samu rabi da rabi. Amma lura, ko da 150 ne amsar ɗaya ce, ke nan inuwar gefen hanci da hasken kumatu za su iya fitowa iri ɗaya. Gida huɗu mataki 5 kacal yake bayarwa, 4 sau 4 yana ba da 17, 8 sau 8 yana ba da 65. Za ka ce to a ɗauki babban mana, sai dai firintar nan ɗigo 8 take bugawa a milimita ɗaya, ke nan tebur mai 8 sau 8 ya cinye milimita guda cur, zanen ragar ya fara fitowa fili kuma ƙananan abubuwa irin ƙwayar ido da aikin hula su dusashe a ciki. In ka ga hoto da ƴan giciye-giciye a jere reras ko'ina iri ɗaya, to wannan ne aka yi amfani da shi.

Diffusion kuwa shi ne nake so ka zauna ka gane da kyau, don shi za ka fi amfani da shi. Robert Floyd da Louis Steinberg suka wallafa hanyar a 1976. Ana bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, a yanka a 128 kamar da, amma abin da aka ci wa ɗigon ba a yafe shi, bashi ne, sai a raba wa maƙwabtan da ba a zo kansu ba su biya. Na dama ya ɗauki 7/16, na ƙasa ta hagu 3/16, na ƙasa daidai 5/16, na ƙasa ta dama 1/16, ka haɗa za ka ga 16 cif.

Mu koma kan kumatun nan mai 100, a layin farko. Ɗigon farko bai kai 128 ba, ya zama 0, saura 100 ba a biya ba. Na damansa ya karɓi kusan 44 ya zama 144, ya haye, ya zama fari 255. Yanzu an ba shi fiye da haƙƙinsa da 111, don haka za a cire wa na gabansa kusan 49, ya koma 51, baƙi. Shi ma ya tura wa na gaba 22, ya zama 122, saura ƙiris amma bai kai ba, baƙi, sai na biyar ya karɓi kusan 54 ya zama 154, fari. Ka ga baƙi, fari, baƙi, baƙi, fari, biyu cikin biyar farare, kuma 100 cikin 255 kusan kashi 39 cikin ɗari ne, ya zo daidai ke nan, ba rabi da rabin da teburin can ya ba mu ba. Wannan ne ya sa fuska take fitowa da laushi da shi.

Shi ma yana da nasa aibin. A wuri mai launi ɗaya shimfiɗe, musamman mai haske sosai irin farar riga ko bangon situdiyo, ɗigon sukan jeru su yi wasu layuka masu lanƙwasa a karkace. Wasu manhajojin suna rage wannan ta hanyar bin layi ɗaya daga hagu, na biye daga dama. Ni dai nawa maganin shi ne in goge bangon ya zama fari tas 255 tun kafin in fara, ɗigon banza a bayan kai ɓata rasit kawai suke yi.

Yanzu ga inda yara suka fi faɗawa, kuma wallahi ya fi zaɓin Pattern ko Diffusion muhimmanci: girman hoto. In takardar mai milimita 58 ce, yawancin irin waɗannan firintocin ɗigo 384 suke bugawa a faɗi, mai 80 kuma galibi 576. Ka fara rage hoton zuwa wannan faɗin ko ƙasa da shi, sannan ka mayar da shi baƙi da fari, kar ka juya tsarin. In ka yi ɗigon tukuna sannan manhajar rasit ta matse hoton, za ta zubar da wasu ɗigon ta haɗe wasu, sai ka ga ratsi-ratsi ko dabbare-dabbare da babu su a hoton asali, da ka ga haka ka san an taɓa girman bayan an gama. Kuma ka ajiye a PNG ko BMP, JPG yana dawo da toka a gefen kowane ɗigo ya ɓata aikin.

Sai ka ƙara haske kafin ka mayar da hoton baƙi da fari, fiye da yadda idonka yake so a sikirin, don zafin yana ɗan yaɗuwa, ɗigo baƙi ya fi girmansa a takarda, farin da ke tsakanin baƙaƙe ya toshe. Ka shiga Levels ka ja na tsakiyar har fuskar ta yi kamar ta ɗan koɗe, sannan Image > Mode > Grayscale, sai Bitmap, ka bar Output daidai da Input, ka zaɓi Diffusion Dither. Sunan shago da lambar waya kar ka haɗa su a ciki, su 50% Threshold ya dace da su don bakin harafi ya fito tsaf. Pattern ka bar shi ga tambari mai inuwa shimfiɗe wanda kake so ya fito bai ɗaya.

Ka buga gwaji uku da haske daban-daban a kan takardar shi kwastoman, ba tamu ta shago ba don takardu sun bambanta wajen ɗaukar zafi, ka riƙe su nesa da tsawon hannunka, wanda ka iya rabe gemu da wuyan riga a cikinsa shi za ka kai masa Sabon Gari.